Littafin bashin Baba yana hannuna, zuciyata kuma ba ta kwanta ba

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, ni nake riƙe masa littafi. Idan marka ta yi, abinci ya ƙare a gidaje, yakan ba mutum buhun gero ya dawo da buhu ɗaya da rabi da kaka. Wasu gero yake ba su su biya da dawa ko wake. Wasu kuma kuɗi yake ba su su kawo gero. Wanda ya kasa biya, a ƙara masa kwano goma a kai shi baɗi. Wani abokina ya ce duk riba ce, har ni mai rubutawa ina cikin tsinuwa. Na ɗan taɓa wa Baba zancen, ya ce ciniki ne: buhu da marka naira 60,000 ne, da kaka 40,000, idan ya karɓi ɗaya a kan ɗaya shi aka cuta. Na rasa amsa. Ba na son saɓa wa Allah, ba na kuma son in kunyata mahaifina. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka ɗaga wa mahaifinka murya. Abokinka ya faɗi gaskiya a wani ɓangare, ya kuma yi gaggawa a wani. Abubuwa huɗu ka lissafa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Uku ba su halatta ba. Ɗaya kuwa halal ne tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma shi ne ƙofar da mahaifinka zai fita ta cikinta ba tare da ya rufe rumbunsa ba.

Akwai wani ruɗani da harshenmu ya jawo mana, gara mu fara kawar da shi. Bahaushe idan ya sayi akuya ya sayar ya samu ƙari, cewa yake ya ci riba, kuma wannan halal ce tsantsa. Ribar da Alƙur'ani ya haramta ita ce wadda muka fi sani da kuɗin ruwa, sai dai ba a kuɗi kaɗai take ba. To da ka ce wa dattijo ɗan kasuwa "riba haramun ce", abin da kunnensa ya ji shi ne kana so ya yi kasuwa don Allah. Ba mamaki ya ce maka ciniki ne. Mutanen da aka saukar da ayar a cikinsu ma abin da suka ce ke nan, cewa ai ciniki kamar riba yake, sai aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta amsa musu da cewa Allah ya halatta ciniki ya haramta riba. Aikin da malaman fiƙihu suka sha fama da shi bayan nan shi ne shata iyaka tsakanin biyun, domin a ido sukan yi kama.

Mafi muni a littafinka shi ne kwano goman nan na wanda ya kasa biya. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya ruwaito daga Zaidu ɗan Aslam yadda ribar jahiliyya take: mutum yana bin wani bashi zuwa wani lokaci, idan lokacin ya yi sai ya ce masa, za ka biya ne ko za ka ƙara? In ya biya ya karɓa, in bai biya ba ya ƙara masa nauyin bashin ya jinkirta masa. Ka ga babu abin da ya raba wannan da abin da kake rubutawa sai sunan kaya. Ita ce ribar da aka shelanta yaƙi a kanta a aya ta 279, ita ce kuma wadda Annabi ya rushe a huɗubar hajjin bankwana a shekara ta 10 bayan hijira, ya fara da ta baffansa Abbas. Dalilin hanin yana cikin ayar kanta, inda aka ce ku karɓi uwar dukiyarku, kada ku yi zalunci kada a zalunce ku. Aya ta 280 ta biyo baya da cewa wanda ke cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Duba wanda ƙarin yake faɗawa a kansa. Ba mai hali ba ne, domin mai hali ya biya ya wuce. Wanda fari ya cinye wa gona ne, ko wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar damina. Bashin yana girma daidai lokacin da mai shi ya fi rauni, mahaifinka kuwa bai ƙara masa ko tsaba ɗaya ba, kwanaki kawai ya sayar masa. Na tabbata ka san gidan da buhu ɗaya ya koma uku a haka, har gona ta tafi jingina.

Sai buhu ɗaya da ake mayarwa ɗaya da rabi. Nan ne hujjar Baba take da ƙarfi, kuma ban yarda ka raina ta ba. Da lissafin da ya ba ka, buhu ɗaya da rabi a kan 40,000 ya kama 60,000 cif, wato a ganinsa ko sisi bai ci ba. Malamai sukan fara tambayar wannan mu'amala da sunanta: rance ce ko saye da sayarwa? Idan rance ce, ƙa'idar rance ita ce a mayar da kwatankwacin abin da aka karɓa, awo da awo, ba darajarsa a kasuwa ba. Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya faɗa a Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, cewa rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani bai halatta ba. A wurin malamai rance taimako ne, ɗan'uwan sadaka, ba hanyar neman abinci ba. Wanda ya ba da rancen gero da marka ya karɓa da kaka lallai ya yi asarar bambancin farashi, kuma wannan asarar ita ce ladansa. In ba ya son asarar, ba a tilasta masa ba da rance ba, sai ya yi ciniki.

To idan ya ce ciniki ne, sai mu shiga babin da ya fi tsauri. Muslim ya ruwaito daga Ubada ɗan Samit cewa Annabi ya ambaci abubuwa shida: zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Ya ce kowane ɗaya idan za a musanya shi da irinsa, to daidai da daidai, hannu da hannu. Idan kuma jinsin ya bambanta, ku sayar yadda kuka so matuƙar hannu da hannu ne. Daga nan malamai suka fitar da riba iri biyu a cikin ciniki. Akwai ta fifiko, wadda suke kira ribal fadli, wato a musanya abu da jinsinsa ɗaya ya fi ɗaya yawa. Akwai ta jinkiri, ribar nasi'a, wato a miƙa ɗaya yau a karɓi ɗayan daga baya. Geron marka da geron kaka jinsi ɗaya ne, kwano 40 a kan kwano 60 fifiko ne, watanni biyu ko uku da ke tsakani kuwa jinkiri ne. Duka biyun sun haɗu a ciniki ɗaya. Saboda haka ko wane suna aka sa wa abin, rance ko ciniki, ƙofa a rufe take.

Za ka iya jin wani ya ce ai ba a ambaci gero a hadisin ba. Gaskiya ne, kuma an samu Zahirawa, irin su Ibn Hazm, da suka tsaya a kan shidan nan kawai. Amma mazhabobi huɗu duk sun tafi a kan cewa akwai dalilin da ya sa aka zaɓi waɗannan, kuma duk abin da ya ɗauki dalilin ya ɗauki hukuncin. A wurin gano dalilin ne suka rabu. Hanafawa suka ce abin lura shi ne kayan da ake aunawa da mudu ko da sikeli idan jinsinsu ɗaya, don haka a wurinsu har ƙarfe da auduga sun shiga. Shafi'awa suka ce a zinariya da azurfa dalilin shi ne kasancewarsu kuɗi, a sauran huɗun kuwa kasancewarsu abin ci, don haka har kayan marmari sun shiga. Malikawa, waɗanda ƙasarmu ta tashi a kan karatunsu, suka ce abin ci ne wanda ake rayuwa a kansa kuma yake ajiyuwa. Ka auna gero da kowanne: ana awonsa da kwano, ana cinsa, shi ne tuwo da fura da kunun gidajenku, yana kuma shekara a rumbu. Babu mazhabar da zai kuɓuta a cikinta. Littattafan Malikiyya ma sun kira shi da sunansa, shi da dawa da shinkafa.

A nan amsar mu'amala ta gaba take, ta gero yau dawa ko wake da kaka. A mashahurin zancen Malikiyya gero jinsi ne daban, dawa daban, shinkafa daban. Don haka da mutum zai zo kasuwar Gujungu da kwano uku na dawa ya karɓi kwano biyu na gero nan take, babu laifi, fifiko ya halatta tunda jinsi ya bambanta. Abin da bai halatta ba shi ne jinkirin. Risala ta faɗa ƙarara cewa ba a sayar da abinci da abinci zuwa wani lokaci, jinsinsu ɗaya ne ko daban, mai ajiyuwa ne ko marar ajiyuwa. Mutane da yawa suna canza gero zuwa wake da zaton sun tsere wa riba, alhali rabinta kawai suka tsere wa.

Kana iya tambaya, mene ne hikimar wannan tsanani a kan abinci, bayan mutane biyu sun yarda? Akwai ƙissar da take haska wannan. Wani ma'aikacin Annabi a Haibara ya kawo masa dabino mai kyau, ya tambaye shi ko duk dabinon Haibara haka yake. Ya ce a'a, muna karɓar sa'i ɗaya na wannan da sa'i biyu na gama-gari. Annabi ya hana shi, ya ce ya sayar da gama-garin da dirhami, sannan ya sayi mai kyaun da dirhamin. Lura da cewa bai ce dabinon duka darajarsu ɗaya ba. Ya yarda akwai bambanci, amma ya ce a bi da shi ta kasuwa, inda kowane kaya zai samu farashinsa a fili. Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba da ya rasu a 595 bayan hijira, ya yi bayanin cewa manufar haramta riba ita ce kawar da babbar cutar da ke cikinta, kuma kuɗi an sanya su ne don su zama ma'aunin abubuwan da suka bambanta. Manomin da yunwa ta koro ba ya lissafin abin da "ɗaya da rabi" zai zama. Amma idan aka ce masa naira kaza, ya san abin da ake sayarwa a kasuwa ranar, ya san ko an cuce shi.

Mu gwada da lissafin Baba. A ce bana damina ta yi gardama, kaka ta zo buhu bai sauka ƙasa da 55,000 ba. Kwano 60 da manomi zai kawo sun kama 82,500, a kan abin da ya karɓa na 60,000, kuma a shekarar da gonarsa ta fi ba shi kunya. Da an sayar masa da buhun bashi a kan 60,000, kwano 44 kacal zai kai kasuwa ya rabu da bashin. Ban ɓoye maka ɗaya gefen ba: in an yi shekarar albarka buhu ya faɗo 30,000, sai ya sayar da buhu biyu. Amma a shekarar yana da buhunan. Wato "ban ci ko sisi ba" da Baba ya ce gaskiya ce a shekarar da farashi ya faɗa daidai inda ya ƙiyasta kawai.

Wannan ita ce mafita ta farko: ya sayar da geron bashi da kuɗi. A yanke farashi ɗaya a zaman ciniki, a yanke ranar biya, shi ke nan. Jumhurun malamai sun yarda farashin bashi ya ɗara na kuɗi hannu, matuƙar an tashi a kan farashi guda sananne. Annabi da kansa ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude ya ba shi jinginar sulkensa. Da zarar an ƙulla, lambar ta daskare, ko manomi ya yi jinkirin shekara ba ta motsi. Sai dai akwai rami a nan wanda 'yan hatsi suke yawan faɗawa. Kaka ta yi, manomi ya ce ba ni da kuɗi, ga gero ka auna na 60,000. A mazhabar Malik wannan bai halatta ba, domin idan ka cire sunan kuɗin da ba a taɓa gani ba, abin da ya rage shi ne abinci ya fita, abinci ya dawo bayan jinkiri. A Muwaɗɗa an ruwaito hanin daga Sa'idu ɗan Musayyab da Sulaimanu ɗan Yasar, cewa kada mutum ya sayar da alkama bashi sannan ya sayi dabino da kuɗin kafin ya karɓe su. Don haka manomin ya kai geronsa kasuwa ya sayar wa wani, ya kawo kuɗi. Wahala ce kaɗan, na sani, amma ita ce take sa cinikin ya zama na gaske.

Yanzu ga wadda na ce halal ce: a ba da kuɗi da damina a karɓi gero da kaka. Sunanta salam, wasu su ce salaf. Ibn Abbas ya ruwaito cewa Annabi ya iso Madina ya tarar suna biyan kuɗin 'ya'yan itace shekara ɗaya ko biyu kafin su zo, bai hana su ba, sai ya ce wanda zai yi ya yi da sanannen awo, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Ita ce hanyar da shari'a ta buɗe wa manomi mai buƙatar kuɗi yau da ɗan kasuwa mai son araha gobe. Ga yadda za ta kasance a littafinka. A watan Agusta Baba ya ba wane naira 35,000, a kan buhun gero ɗaya mai kwano 40. Dole a miƙa kuɗin gaba ɗaya a zaman. Malikawa sun yi rangwamen kwana biyu zuwa uku, ba ƙari, domin in kuɗi bashi ne kaya ma bashi ne, an sayar da bashi da bashi. A faɗi irin geron, gero ne ko maiwa, sabo, sheƙaƙƙe, ba ƙasa ba ƙaiƙayi. A faɗi kwanon da za a auna da shi, wanda aka sani a kasuwa, ba wani kwano na musamman da ke ɗakin Baba ba, a kuma faɗi ko da tozo ne ko a shafe, don rigimar kaka yawanci daga nan take tashi. A faɗi lokaci. Risala ta fi son kada ya gaza kwana 15, Malikawa kuma sun yarda a ce zuwa girbi tunda lokacinsa sananne ne, ko da yake ni na fi son ka rubuta wata da rana. Sannan kada a ɗaura shi a kan gona ɗaya, a ce geron gonarka ta bayan gari. Geron yana wuyan manomi ne, daga gonarsa ya fito ko daga kasuwa.

Me ya raba wannan da riba, bayan shi ma Baba ƙari yake nema? Abin da ya raba su shi ne ya sayi kaya ya ɗauki haɗarinsa. In kaka ta zo buhu yana 40,000, ya ci 5,000, halal ɗinsa. In ya faɗo 30,000, ya yi asarar 5,000, kuma ba shi da bakin cewa a ƙaro masa kwano. Abu ɗaya da wannan shi ne ya ba da taki da damina a kan gero sananne da kaka, tunda taki ba abinci ba ne. Ga ɗan kasuwa irin mahaifinka wannan ma ƙofa ce mai faɗi.

Wurare biyu ne salam yake lalacewa, ka sa musu ido. Na farko, a ba manomi kuɗin salam da sharaɗin ya sayi geron Baba da su nan take. Kuɗin sun fita sun dawo hannun mai su, abin da ya faru a zahiri shi ne geron marka a kan geron kaka, an dai zagaya ne. Malikawa suna da tsanani a kan irin wannan dabara, sukan duba abin da ya fita daga hannu da abin da ya dawo, ba sunan da aka kira a tsakani ba. In an ba shi kuɗi, a bar shi ya saya inda ya ga dama. Na biyu, ranar da manomi ya kasa kawowa. Zaɓin Baba biyu ne: ya jira geronsa kamar yadda yake, kwano 40, ko su warware cinikin ya karɓi 35,000 ɗinsa ba ƙari. Ba zai ce geron yanzu ya kai 50,000, na mayar maka da shi kuɗi, baɗi ka kawo buhu ɗaya da rabi ba. Wannan sayar da abinci ne kafin a karɓe shi, kuma narkar da bashi ne a cikin wani bashi, tsohuwar "biya ko ƙara" ce ta sake riga. Ina ƙara maka da nawa ra'ayin: salam yana iya cika sharuɗɗa duka amma ya zama rashin tausayi, idan aka ga mutum a matse aka ba shi rabin abin da kowa ya san buhu zai yi. Alƙali ba zai rushe cinikin ba, amma maƙwabta ba sa mantawa.

Game da kai kuwa, hadisin da abokinka ya tsorata ka da shi ingantacce ne. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa an la'anci mai cin riba, da mai ba da ita, da mai rubuta ta, da shaidunta biyu. Amma abin da ka rubuta kafin ka sani ba a kama ka da shi kamar wanda ya sani ya ci gaba ba. Kuma alƙalamin ba shi ne laifin ba, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Kada ka jefar da littafin ka yi fushi. In ka ajiye shi wani zai ɗauka, kuma kai kaɗai ne a gidan ka san inda gyaran yake. Abin da za ka daina shi ne rubuta sabon ƙulli mai ƙari. Kada kuma ka ɗaga hannu daga tuwon gidanku ko ka sa wa iyayenka mata shakka, tunda mafi yawan dukiyar mahaifinka ta saye da sayarwa ce ta halal.

Mahaifinka ba lallai mugu ba ne. Ya tashi ya tarar ana yi, kuma da marka, lokacin da kowa ya kulle rumbunsa, shi ne yake buɗewa. Akwai gidajen da ba don shi ba da sun kwana da yunwa, kuma idan gyaranka ya ƙare da ya daina bayarwa gaba ɗaya, su ne za su fara ji a jikinsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Don haka kada ka je masa da kalmar haramun a gaba, kada kuma ka yi a zaure ko a rumfar kasuwa. Ka zauna da littafin bara, ka fitar da mutum biyar, ka lissafa abin da zai samu da an yi da su salam ko cinikin bashi, ka ajiye kusa da abin da ya samu. Ka same shi bayan isha shi kaɗai, ka ce, Baba, na ji wani karatu da ya tsorata ni a kanmu duka biyu, ga kuma wata hanya da na auna wadda ba za ta karya jari ba, ina so ka duba mini ko na yi kuskure. Dattijo ya fi karɓar abin da aka kawo masa don ya duba. In ka ga abin ya yi masa nauyi daga bakinka, ka nemi amininsa ko limamin da yake jin kunya, wanda ya karanta babin ciniki a Risala, su yi zancen a matsayinsu na manya, kai ka koma gefe.

Idan Allah ya sa ya karɓa, ku fara da bashin da ke waje yanzu. Duk wanda aka ba buhu, buhu zai dawo da shi, a soke rabin, a soke kwano goma-goman da aka ɗora. Wanda aka ba gero a kan wake ko dawa, geronsa zai mayar awo da awo. Masu kuɗi a kan gero a duba nasu, in awo da lokaci sanannu ne a bar su yadda suke. Wanda ya zo biya ya kawo gero mafi kyau don ransa babu laifi, Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Amma ƙarin awo, ko da ba a faɗa ba, in ya zama al'adar da kowa ya san ana jira, hukuncinsa hukuncin sharaɗi ne, kuma a garinku ya riga ya zama al'ada, don haka ku mayar wa mai shi. Abin da aka riga aka karɓa a shekarun baya, malamai da yawa sun ce a mayar wa masu shi in an san su, wasu kuma sun sassauta wa wanda ya yi cikin rashin sani. Tunda sunayen suna cikin littafinka, mayarwa ta fi kwanciyar rai, ko da kaɗan-kaɗan ne a kaka biyu ko uku, kuma wannan ku zauna da malamin garinku ya duba ƙarfin Baba.

Akwai kuma waɗanda ka san ko salam ba za su iya ba, gwauruwa mai marayu, ko tsohon da ba shi da mai noma masa. Ka roƙi Baba ya ware musu buhu biyu ko uku na rance ɗaya a kan ɗaya, ko ya sa su cikin zakkar hatsinsa ya huta da bin su. Idan kuwa ya ƙi duka, ka ba shi haƙuri cikin ladabi cewa shafin ƙari ba za ka iya rubutawa ba, ka ci gaba da yi masa awo da ɗaurin buhu da lissafin kasuwa kamar da, ka sake ɗaga zancen da bazara, kafin masu neman bashi su fara sallama.